Daga Gudumar Nas Zuwa Harbin Ƙafa: Yadda Saƙo Ke Tsallaka Giɓin Jijiya

A ɗakin haihuwa, idan aka kwantar da mai juna biyu da jijjiga ta kama, akan yi mata allurar magniziyam salfet. A tsarin da asibitocinmu da dama ke bi, bayan allurar farko sai a riƙa ƙara mata giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4. Amma kafin kowane ƙari, nas za ta zo ta ƙirga numfashin matar, ta duba yawan fitsarin da ta yi, sannan ta tallafo ƙafarta ta ɗan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa da wata 'yar guduma ta roba. In ƙafar ta yi zillo gaba, sai a yi allura. In ta tsaya shiru, sai a dakata a kira likita.

'Yan'uwan da ke jinya sukan yi mamaki. Ciwon a kai yake, maganin a ɗuwawu ake yi, to me ya kawo gwiwa? Amsar tana cikin wani ɗan giɓi da ido ba ya gani, inda jijiya ke ƙarewa tsoka ta fara. Nas ɗin tana tambayar wannan giɓi ne ko har yanzu saƙo yana tsallaka shi.

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi: akwai ta jini, akwai ta agara, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran jiki. Ta ƙarshen nan ita muke nufi. Da gudumar ta sauka, tsokar gaban cinya takan ɗan miƙe. Wata jijiya ta ji miƙewar ta kai labari laka, a nan ta miƙa shi ga wata jijiyar, ita kuma ta dawo da umarni ga tsokar cewa ta tsuke. Zuwa da dawowar duka ba su kai kashi 1 cikin 20 na sakan ba, kuma ba a jiran izinin ƙwaƙwalwa. A kan wannan hanya akwai mahaɗa biyu, ɗaya a laka ɗaya a cinya, kuma a dukansu jijiyar ba ta manne da abin da ke gabanta ba. Masanin nan ɗan Ingila Charles Sherrington ne ya raɗa wa irin wannan mahaɗa suna sinafs a 1897.

Kafin mu isa mahaɗar, sai mun san abin da ke gudu a cikin jijiyar. Kowace jijiya doguwar ƙwayar halitta ce da wani siririn tantani mai maiƙo ya kewaye, kamar yadda ganuwa ke kewaye birni. Ciki ruwa ne, waje ma ruwa ne, dukansu da gishiri iri-iri a narke. Gishirin da ya narke yakan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki. Uku daga cikinsu ne ruwanmu: sodiyam na gishirin miya, fotasiyam irin wanda ke cikin ruwan toka, da kalsiyam na ƙashi da ɓawon ƙwai. Duka ukun cajin fozitif suke ɗauke da shi.

Ba daidai aka raba su ba. Akwai wani famfo a jikin tantanin da ba ya hutawa dare da rana, yana fitar da sodiyam 3 yana shigo da fotasiyam 2 a kowane juyi. Saboda haka sodiyam ya taru a waje, ya ninka na ciki kamar sau 10, fotasiyam kuma ya taru a ciki. Tantanin yana barin fotasiyam ya riƙa sulalewa waje kaɗan-kaɗan da cajinsa, abin da ke sa ciki ya zama nagatif in an gwada shi da waje. Bambancin yakan kai milibolt 70, ana rubuta shi -70. Batirin tocila bolt 1.5 ne, ka ga ke nan wannan bai kai kashi 1 cikin 20 na ƙarfinsa ba. Jijiyar da ke zaune shiru batiri ce mai cikakken caji, sodiyam ya yi cincirindo a bayan ganuwa yana jiran a buɗe.

Ganuwar tana da ƙofofi, kuma su ne ginshiƙin zancen. Kowace ƙofa wani sinadarin furotin ne da ya ratsa tantanin, da rami a tsakiyarsa wanda ba ya barin kowa ya wuce sai irin ƙwayar da aka yi shi dominta. Ba mai gadi ke buɗe ta ba. A jikin ƙofar akwai wani ɓangare mai ɗauke da cajin fozitif, wanda nagatif ɗin ciki ke janyowa ya riƙe. Da zarar nagatif ɗin ya ragu, sai riƙon ya sassauta, ɓangaren ya motsa, ramin ya buɗe. Ƙofa ce da ƙarfin lantarkin wurin ke juya mabuɗinta.

To idan wani abu ya ɗaga cajin ciki daga -70 zuwa wajen -55, ƙofofin sodiyam sukan fara buɗewa. Sodiyam ya kwararo ciki, ciki ya ƙara zama fozitif, wannan ya buɗe wasu ƙofofin, su ma su shigo da ƙari. Kafin ka ce kwabo caji ya haye sifili ya kai wajen +30. Daga nan ƙofofin sodiyam su toshe kansu, ƙofofin fotasiyam waɗanda suka fi nawa su buɗe, fotasiyam ya fita, caji ya koma inda yake. Duk wannan a cikin milisakan 1 ko 2, wato kashi 1 ko 2 cikin 1000 na sakan. Tashin caji a wuri ɗaya yana taɓa ƙofofin da ke maƙwabtaka, su ma su buɗe, haka abin zai yi ta ci gaba kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa. Kuma ba ya komawa baya, domin ƙofofin da aka bari a baya suna toshe na ɗan lokaci, kamar yadda wuta ba ta komawa inda ta riga ta cinye.

Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware wannan, suka wallafa shi a 1952. A Plymouth ta Ingila suka yi aikin, da jijiyar wata halittar teku da ake kira sikwid, saboda kaurinta ya isa a zura mata siririyar waya. Abin da suka gano kuwa kowa ya taɓa cin moriyarsa ba tare da ya sani ba. Allurar kashe zafi da ake yi kafin a cire haƙori ko a yi ɗinki, irin su lidokain, ƙofofin sodiyam ɗin nan take toshewa. Naman yana nan, wuƙa tana yanka, amma labarin ba ya barin wurin.

Jijiyar da ke sauka zuwa cinya tana da rufin kitse kamar robar wayar lantarki, da 'yan wurare a buɗe jefi-jefi inda ƙofofin suka taru. Saƙon yana tsalle daga wannan buɗaɗɗen wuri zuwa wancan, yana gudun mita 50 ko fiye a sakan. Sai ga shi ya iso ƙarshen hanya. Tsakanin bakin jijiyar da tantanin tsoka akwai giɓi mai faɗin nanomita 50 ko kusa da haka. Sai an jera irinsa fiye da 1000 kafin a kai kaurin silin gashi. Duk da ƙanƙantarsa, ɗan lantarkin da siririyar jijiya ke ɗauke da shi ba zai iya tsallakawa ya tayar da ƙatuwar tsoka ba. Ɗan aike ya zo bakin gulbi, dokinsa ba ya shiga ruwa. Dole a yi fito.

An daɗe ana gardama a kan ko da lantarki ake tsallakawa ko da sinadari. A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zuciyoyin kwaɗi biyu da ke bugawa a cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar da ke rage gudun ta farko, ta rage. Sai ya ɗebi ruwan da ke jikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba. Ita ma ta rage gudu. Jijiyar ta zubar da wani abu a cikin ruwan ke nan. Daga baya aka tabbatar asetilkolin ne, sinadarin da Henry Dale ya riga ya yi nazari a kansa, kuma shi ne dai wanda jijiyar cinya ke aika wa tsoka. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1936.

Ba a barbaje asetilkolin yake zaune a bakin jijiya ba. A ƙulle yake cikin wasu mitsi-mitsin jakunkuna na tantani, kowace da ƙwayoyi dubbai a ciki, kamar yadda mai tebur ke ƙulla gishiri ko sukari a leda ya jera. Bernard Katz da Paul Fatt ne suka fara jin ƙamshin wannan a farkon shekarun 1950 a Landan. Sun soka siririn ma'auni a tsokar kwaɗo, suka ga ko jijiya tana hutawa akan sami 'yan ƙananan motsin caji lokaci-lokaci, kusan duk girmansu ɗaya, ƙasa da milibolt 1. Kowane motsi ƙulli ɗaya ne da ya fashe da kansa. Idan saƙo na gaske ya zo, abin da ake gani tarin irin waɗannan ne a lokaci guda. Jijiya ba ta aunawa da cokali, ƙulli-ƙulli take bayarwa.

Me ke sa su fashe tare? A nan kalsiyam ke shigowa, kuma a ganina duk wanda ya fahimci wannan mataki ya fahimci sinafs. A bakin jijiyar akwai ƙofa iri na uku, ita ma lantarki ke buɗe ta, amma ta kalsiyam ce. Ƙwayar jijiya tana tsananin ƙyamar kalsiyam a cikinta, kullum tana kore shi, har na waje ya ninka na ciki fiye da sau 10,000. Saboda ciki ya zama wayam haka, ko ɗan kaɗan ya shigo nan take za a san ya shigo. Da saƙon lantarki ya iso, ƙofofin kalsiyam suka buɗe, sai ya faɗo daidai inda wasu ƙullin ke jingine da tantani. Ba haɗari ba ne da suke wurin. Wasu furotin masu kama da igiyoyi sun riga sun ɗaure su a jikin tantanin, an murɗa igiyoyin rabi an bari, kamar tarkon da aka ɗana. A jikin kowane ƙulli akwai wani furotin mai suna sinaftotagmin wanda aikinsa kama kalsiyam ne. Da ya kama, sai igiyoyin su ƙarasa murɗewa, fatar ƙullin ta haɗe da tantanin jijiya, bakinsa ya buɗe ta waje, asetilkolin ya zube cikin giɓin. Daga shigar kalsiyam zuwa zubewar bai kai milisakan 1 ba. Gano waɗannan igiyoyi da mai kama kalsiyam ɗin yana cikin aikin da ya sa aka ba James Rothman da Thomas Südhof, tare da Randy Schekman, kyautar Nobel a 2013.

Ƙwayar kalsiyam ɗaya ba ta isa ta saki tarkon, sai da yawa sun haɗu. A 1967 Dodge da Rahamimoff sun nuna a tsokar kwaɗo cewa yawan ƙullin da ke fashewa yana bin yawan kalsiyam ne ninki huɗu a jere. Ma'ana, in kalsiyam ya ninka sau 2, fashewa za ta ninka 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato 16. In ya ragu da rabi, abin da ya saura kashi 1 cikin 16 ne kawai.

Yanzu mu koma ɗakin haihuwa. Magniziyam ɗan'uwan kalsiyam ne a kama, cajinsu iri ɗaya. Idan ya yi yawa a jini yakan tsaya a bakin ƙofofin kalsiyam ya tare hanya, shi kuma ba ya iya sakin tarkon. Bari mu ƙaddara wasu alƙaluma don misali kawai. A ce bakin jijiya yana fasa ƙulli 50 a kowane saƙo, alhali 15 sun isa su tayar da tsoka, domin dama jiki yakan aika fiye da abin da ake buƙata. In magniziyam ya rage shigar kalsiyam da kashi 10 cikin 100, lissafin ninki huɗu zai bar ƙulli 33. Tsoka za ta amsa, ba wanda zai lura da komai. In ragin ya kai kashi 25, saura 16, an zo gaɓa. In ya kai kashi 30, saura 12, saƙo ya zo amma tsoka ba ta ji ba. Duba yadda tazarar take ƙarama tsakanin lafiya lau da shiru. Shi ya sa ba a wasa da awon, kuma shi ya sa ake duba fitsari, domin ƙoda ce kaɗai ke fitar da magniziyam, jijjiga kuma takan taɓa ƙoda. In fitsari ya ragu, maganin taruwa yake yi.

Amfanin da ake nema daga magniziyam, wato hana jijjiga, a ƙwaƙwalwa yake yinsa. Gwiwa ma'auni ce kawai. Sa'ar da aka yi ita ce harbin gwiwa yana ɓacewa tun kafin tsokar numfashi ta gaza, ga shi ita ma da irin wannan mahaɗa take karɓar umarni. Gwiwar da ta yi shiru gargaɗi ce cewa ƙirji na kan hanya. In har numfashi ya fara ja baya, ana dakatar da maganin a ba da kalsiyam gulukonet giram 1 ta jijiyar jini a hankali. An ƙara yawan kalsiyam a bakin ƙofa don ya rinjayi mai tare hanya. Na san allurar ɗuwawun nan tana da zafi, na kuma san masu jinya kan ƙosa da yawan zuwan nas cikin dare, amma wannan ƙwanƙwasa gwiwar ba ƙa'ida ce ta cika takarda ba, kuma bai kamata a tsallake ta ba ko sau ɗaya.

A ɗaya gaɓar, tantanin tsoka yana cike da wasu ƙofofi na daban, waɗanda lantarki ba ya buɗe su sai mabuɗi. Kowace tana da ramin mabuɗi biyu, sai asetilkolin biyu sun zauna a kai take buɗewa, na kamar milisakan 1. Sodiyam ya shiga, cajin tsoka da ke zaune a wajen -90 ya tashi. In tashin ya kai gaɓa, ƙofofin sodiyam na tsokar, masu bin lantarki irin na jijiya, su karɓi aiki, wutar ta bi tsawon tsokar, ta tsuke, ƙafa ta harba. Lantarki ya zama sinadari, sinadari ya koma lantarki.

Wannan ramin mabuɗi shi ne abin da wasu macizai ke nema. Kububuwa, wadda ta fi cika gadajen asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, jini take hana daskarewa. Masu fasa kai ɗin da ke tsartuwa kuma yawanci nama dafinsu ke ruɓarwa. Amma akwai masu fasa kai da ba sa tsartuwa, waɗanda dafinsu ke ɗauke da wani furotin da ke zama daram a ramin asetilkolin. Ba ya buɗe ƙofar, ba ya kuma tashi da wuri. Jijiya tana aiko da saƙo, kalsiyam yana shiga, ƙulli yana fashewa, amma ba wurin zama. Ƙananan tsokoki ne ke fara nunawa: fatar ido ta sauko kamar mai jin barci, mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, magana ta yi nauyi, haɗiye yawu ya gagara. Daga nan sai numfashi. Dafin ba ya shiga ƙwaƙwalwa, don haka mutumin yana ji yana fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa muddin iska tana isa gare shi. Saukar fatar ido bayan saran maciji ba barci ba ne, alama ce ta a garzaya asibiti, inda za a ba da maganin dafi a kuma taimaka wa numfashi har mahaɗun su farfaɗo.

Saura mataki ɗaya da mutane kan manta, shi ne shara. In asetilkolin ya zauna a giɓin, saƙo na biyu ba zai bambanta da na farko ba. Don haka akwai wani sinadari a cikin giɓin, asetilkolinestares, wanda ke datsa shi gida biyu, kowane guda yana datsa dubbai a sakan. Kafin milisakan kaɗan wuri ya yi fes, jijiya ta kwashe ɓaraguzan ta sake ƙulla sabo. Maganin ƙwari irin piya-piya, mai sinadarin daikulobos, da danginsa na feshin gona, wannan mai shara suke kashewa. Sai asetilkolin ya yi ambaliya a duk inda ake amfani da shi, ba a tsoka kaɗai ba har da hanyoyin yawu da gumi da hanji da huhu. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa za ka gan shi yana dalala, gumi sharkaf, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura, ƙirji na ƙugi da ruwa, naman jiki na rawa a ƙarƙashin fata. Daga baya tsokar ta saki. Dalili kuwa, cajinta ya tashi ya ƙi sauka, ƙofofin sodiyam ɗin nan da ke toshe kansu ba sa sake shiri sai caji ya koma ƙasa. Atirofin da ake bayarwa yana busar da ruwan ƙirji ya ɗaga bugun zuciya, amma ba ya aiki a mahaɗar tsoka saboda ƙofofin can wani iri ne, shi ya sa ko an ba da shi ake ci gaba da sa ido a kan numfashi.

Irin wannan hana shara, in an yi shi da awo, magani ne. Niyostigmin yana riƙe mai sharar na ɗan lokaci kawai sannan ya sake shi. Likita kan gwada shi ga wanda mai fasa kai ya sara, bayan ya fara ba da atirofin don kare zuciya da ƙirji. Asetilkolin ya daɗe a giɓin, ya yi yawa, ya sami 'yan ramukan da dafi bai kama ba. In gwajin ya karɓa, fatar idon da ta sauko takan fara ɗagawa, har mai jinya ya ga idon ɗan'uwansa ya buɗe yana kallonsa.